Daga Ina 7 Ta Fito? Yadda Ake Tabbatar da Iyakar x² da Efsilon da Delta

A shekarar farko ta karatun lissafi a jami'a akwai wani layi da malami yakan rubuta a allo, ɗalibai su kwafe shi cikin natsuwa, amma da yawansu su fita aji ba su san inda ya samo asali ba. Layin shi ne:

δ = min(1, ε/7)

Ana rubuta shi ne lokacin da ake son tabbatar da wata magana wadda kowa yake ganin a fili take, wato idan lamba x tana matsawa kusa da 3, to x², wato x sau x, tana matsawa kusa da 9. Ɗalibi mai hankali yakan yi tambayoyi biyu a zuciyarsa. Me ya kawo 7 cikin zancen 3 da 9? Kuma wa ya ba malam izinin ɗauko 1 ya ajiye a gefenta? Tambayoyin nan biyu suna da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfin wanda ya iya ninkawa da rabawa ba.

A ɗauki magini da aka ce ya fitar da ɗaki mai kusurwa huɗu daidai, tsawo mita 3, faɗi mita 3. Girman daɓen zai zama murabba'in mita 9. Amma babu igiyar awo da ba ta kuskure, don haka mai gida ya ce ya yarda girman ya kauce wa 9, muddin kaucewar ba ta kai 0.07 ba. Tambayar da ke gaban magini ita ce: kuskuren nawa zan iya yi a awon gefen ɗaki ba tare da na karya sharaɗin mai gida ba? Wannan kaucewar da mai gida ya yarda da ita masana lissafi suna kiranta efsilon, suna rubuta ta da harafin Girkanci ε. Kuskuren da magini zai ba kansa dama ya yi kuwa shi ne delta, δ. Mai gida ne yake fara magana, magini ya ba da amsa. Cewa iyakar x² ita ce 9 yayin da x ke kusantar 3 yana nufin komai ƙanƙantar ε da mai gida zai ambata, muddin ta fi sifili, magini yana da δ da zai amsa da ita.

A rubuce, abin da ake nema shi ne: ga kowace ε > 0, a samo δ > 0 ta yadda duk lokacin da 0 < |x − 3| < δ, to |x² − 9| < ε. Sandunan nan biyu da ke kewaye da lamba suna nufin tazara kawai, ba ruwansu da ko an wuce ko an gaza. Tazarar 2.99 da 3 daidai take da tazarar 3.01 da 3. Shi kuwa sifilin da ke farkon sharaɗin, an sa shi ne don a nuna cewa zancen iyaka bai shafi abin da ke faruwa a kan 3 kanta ba, ya shafi lambobin da ke kewaye da ita ne.

Wannan tsari bai zo tare da ilimin kalkulas ba. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus sun gina kalkulas a ƙarni na 17, Leibniz ya fara wallafa nasa a 1684, kuma an daɗe ana aiki da shi ana samun amsoshi na gaskiya alhali tushensa yana rawa. A 1734 wani limamin coci ɗan ƙasar Ireland, George Berkeley, ya yi musu suka mai zafi: ya ce suna ɗaukar ƙaramar lamba su yi rabo da ita kamar ba sifili ba ce, sannan a layi na gaba su watsar da ita kamar sifili ce. Sukar tana da ƙarfi. Bernard Bolzano a birnin Prague, a 1817, da Augustin-Louis Cauchy a Paris, a littafinsa na 1821, su ne suka fara mayar da zancen kusanci zuwa zancen "wannan bai kai wancan ba". Karl Weierstrass kuma, a darussan da ya bayar a Berlin wajen 1861, ya daidaita shi zuwa siffar da ake koyarwa a yau.

A koma ɗakin magini. A ce ya yi kuskure ya ƙara ɗan tsawo h a kowane gefe, ɗakin ya zama 3 + h a tsaye da kwance. Daɓen da ya ƙaru kashi uku ne. Akwai siririn zirin da ya bi gefe ɗaya, tsawonsa 3, kaurinsa h. Akwai irinsa a ɗaya gefen. Sai kuma ɗan ƙaramin murabba'i a kusurwar da zirin biyu suka haɗu, h sau h. Idan aka tara:

(3 + h)² − 9 = 6h + h²

Da a ce 6h ce kaɗai, da aiki ya ƙare tun nan. Sai a ce δ = ε/6, kowa ya kama gabansa. Haka abin yake a lissafin da ke tafiya a miƙe, irin su 6x ko 2x + 5, inda kuskuren sakamako yake bin kuskuren awo da ninki ɗaya tak a ko'ina. Duk wahalar x² tana cikin ɗan murabba'in kusurwar nan. Ƙarami ne ƙwarai, amma yana nan, kuma hujjar lissafi ba ta yarda a ce "ai ba shi da yawa" a share shi. Wannan sharewar ce ma Berkeley ya yi ƙorafi a kanta.

Mai shakka yana iya gwada ε/6 ya gani. A ɗauki ε = 0.6, sai δ ta zama 0.1. Lamba 3.099 tana cikin da'irar, domin tazararta da 3 ita ce 0.099. Amma 3.099 sau 3.099 ya ba da 9.603801, wato an wuce 9 da 0.6038, abin da ya haura 0.6. Alkawari ya karye. Kuma ba sa'a ce ta ƙi ba: kowace ε aka zaɓa, ε/6 za ta gaza a can bakin da'irar ta ɓangaren sama, saboda zirin biyu kaɗai sun kusa cinye dukkan damar da aka bayar, ba a bar wa kusurwa wuri ba.

To yaya za a yi da kusurwar? A nan ne 1 take shigowa. Lamba idan ta fi sifili amma ba ta kai 1 ba, ninka ta da kanta rage ta yake yi: rabi sau rabi rubu'i ne, 0.1 sau 0.1 kuwa 0.01. Saboda haka idan magini ya ɗaure kansa tun farko cewa kuskurensa ba zai kai mita 1 ba, to h² ba za ta kai h ba, kuma 6h + h² ba za ta kai 6h + h ba, wato 7h. Ga 7 ta fito. Shida daga zirin biyu, ɗaya kuma kuɗin da aka biya don a rufe kusurwar. Wanda ya ga wannan hoton sau ɗaya ba zai sake ɗaukar 7 a matsayin lambar da ta faɗo daga sama ba.

Littattafan karatu sukan bi wata hanya su iso wuri guda, kuma ita ce aka fi nema a jarrabawa. Ana farfasa x² − 9 gida biyu:

|x² − 9| = |x − 3| · |x + 3|

Gida na farko, |x − 3|, yana hannun mai hujja, domin shi ne δ take tsarewa. Gida na biyu, |x + 3|, shi ne mai gardama. Yana canzawa duk lokacin da x ta canza, kuma idan ba a killace x ba zai iya girma yadda ya ga dama. Sai mai hujja ya ce: bari in fara da sharaɗin cewa δ ba za ta wuce 1 ba. Idan haka ne, x tana tsakanin 2 da 4. Idan aka ƙara 3, x + 3 tana tsakanin 5 da 7. Ke nan |x + 3| < 7, kuma gidan da yake yawo ya samu rufi. Daga nan |x² − 9| ba za ta kai 7 sau |x − 3| ba, kuma don wannan ya tsaya ƙasa da ε, ya isa a ce |x − 3| < ε/7.

Yanzu sharuɗɗa biyu ne a kan x: kada tazararta da 3 ta kai 1, kuma kada ta kai ε/7. Hanyar cika duka biyun a lokaci guda ita ce a ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu. Abin da alamar min take nufi ke nan. Idan mai gida ya ce 0.07, to ε/7 ta zama 0.01, wadda ba ta kai 1 ba, sai δ ta zama 0.01, wato santimita ɗaya a awon magini. A gwada a baki: 3.01 sau 3.01 ya ba da 9.0601, kaucewar 0.0601. A ɗaya ɓangaren, 2.99 sau 2.99 ya ba da 8.9401, kaucewar 0.0599. Duk biyun ba su kai 0.07 ba.

Akwai tambayar da ta fi damun masu tunani a aji, kuma tambaya ce mai kyau. Ta yaya mutum zai ce "a ɗauka δ ba ta wuce 1 ba" alhali δ ɗin ce ake nema? Wannan ba ɗaukar amsa ba ne kafin a same ta? Amsar ita ce δ ba ɓoyayyar lamba ba ce da ake tonowa kamar x a cikin lissafin makarantar sakandare. Zaɓi ce, kuma zaɓin na mai hujja ne. Haka nan idan wata δ ta yi aiki, duk wadda ta fi ta ƙanƙanta ma za ta yi, tunda lambobin da ke cikin ƙaramar da'ira duk suna cikin babbar. Magini da ya yi alkawarin ba zai yi kuskuren da ya kai mita 1 ba bai yaudari kowa ba, kansa ya takura. Ma'anar iyaka ba ta neman δ mafi girma, tana neman wadda take aiki kawai.

Wasu ɗalibai kuma sukan ga 1 ɗin kamar ado ce, su rubuta δ = ε/7 su tsaya. A ganinsu ai ε ƙarama ce kullum. Sai dai ma'anar ta ce kowace ε, babba da ƙarama. A ɗauki ε = 14. Rabonta da 7 ya ba da 2, wato an ba x damar yawo daga 1 zuwa 5. Lamba 4.9 tana ciki, kuma 4.9 sau 4.9 ya ba da 24.01, wanda ya zarce 9 da 15.01. An haura 14. Dalili a bayyane yake: an samo 7 ne bisa sharaɗin x ba ta kai 4 ba, sai aka riƙe 7 aka yar da sharaɗin da ya haife ta. Da an bar min a wurinta, δ za ta zama 1, x ba za ta kai 4 ba, x² ba za ta kai 16 ba, kaucewar kuma ba za ta kai 7 ba, balle 14. Wurin da ragamar take sauya hannu shi ne ε = 7 daidai: ƙasa da haka ε/7 ce ke mulki, sama da haka 1 ce.

Kuskuren da ya fi waɗannan muni, kuma ya fi yawa a takardun jarrabawa, shi ne a rubuta δ = ε/|x + 3|. A ido yana da kyau, domin idan aka ninka komai yana share juna sai ε ta rage. Amma ya karya jerin magana. Mai gida ya faɗi ε, magini ya faɗi δ, sai bayan nan a ɗauko x a gwada. Ba zai yiwu δ ta dogara da x ɗin da ba a riga an zaɓa ba, tunda δ ce take faɗin waɗanne x aka yarda su shigo. Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce: a dubi layin da aka bayyana δ, idan akwai harafin x a cikinsa, hujjar ba ta tsaya ba. Dukkan dabarar sharaɗin farko an yi ta ne don a musanya |x + 3| mai motsi da tsayayyar lamba.

Abin da kuma yake rikita masu koyo shi ne yadda ake rubuta hujjar bayan an gama nemanta. Duk abin da aka yi a sama aikin bayan fage ne, an faro daga abin da ake so an koma baya. Hujjar kanta kuwa gaba take tafiya, kuma gajeriya ce. A ba mu kowace ε > 0. A zaɓi δ = min(1, ε/7). A ɗauki kowace x da ta cika 0 < |x − 3| < δ. Tunda δ ba ta wuce 1 ba, 2 < x < 4, don haka |x + 3| < 7. Tunda δ ba ta wuce ε/7 ba, |x − 3| < ε/7. Saboda haka:

|x² − 9| = |x − 3| · |x + 3| < (ε/7) · 7 = ε

Shi ke nan. Wanda aka nuna wa wannan kaɗai, ba a nuna masa aikin bayan fagen ba, dole ya ga kamar siddabaru ne, kuma malamin da ya tsallake wancan aikin ya tauye wa ɗalibansa ɓangaren da ya fi amfani. A lura da yadda kowane rabi na min ya yi aikinsa sau ɗaya a cikin hujjar. Idan mutum ya rubuta tasa ya ga bai yi amfani da ɗaya daga cikinsu ba, to akwai layin da ya tsallake.

Ita kuwa 1 ba wata tsarkakakkiyar lamba ba ce, sauƙin lissafi ne ya sa ake sonta. Wanda ya zaɓi 2 zai samu x tsakanin 1 da 5, x + 3 ba ta kai 8 ba, sai ya rubuta min(2, ε/8). Wanda ya zaɓi rabi zai samu 6.5, ya rubuta min(0.5, ε/6.5). Dukkansu daidai ne, kuma ɗalibai biyu suna iya kawo amsoshi daban-daban su ci cikakken maki. Iya matse killacen, iya kusantar lambar zuwa 6, amma ba za ta taɓa sauka a kan 6 ba. Wannan 6 ɗin ita ce saurin da x² take canzawa da shi a daidai 3, abin da ɗalibin kalkulas zai sake haɗuwa da shi idan aka koya masa cewa 2x ce take auna saurin canjin x².

Ga mai son sani, ana iya fitar da δ mafi girma da za ta yi aiki, wato √(9 + ε) − 3. Idan ε = 0.07, tana ba da kusan 0.0116, ɗan sama kaɗan da 0.01 da aka samu. Amma hanyar tana buƙatar a riga an tabbatar da halayen alamar √, kuma da lissafin ya ɗan ƙara sarƙewa sai ta toshe. Hanyar killacewa ta yi asarar ɗan abu kaɗan, ta samu sauƙin da ke aiki a wurare da dama.

A gwada ta a kan wani lissafin don a ga ba 3 da 9 kaɗai ta sani ba. Ana son nuna cewa 2x² − x tana kusantar 6 yayin da x ke kusantar 2. A debe 6, a farfasa: 2x² − x − 6 = (x − 2)(2x + 3). A killace x tsakanin 1 da 3, sai 2x + 3 ta tsaya tsakanin 5 da 9. Amsa ita ce δ = min(1, ε/9). Matakan ba su canza ba, lambar rufin ce kawai ta canza.

Inda ake bukatar buɗe ido shi ne lambobin da ke ƙasa da sifili. Idan x tana kusantar −3, x² tana kusantar 9 har ila yau, amma yanzu |x + 3| ce a hannu, |x − 3| ce mai yawo. Killacen ya sa x tsakanin −4 da −2, don haka x − 3 tana tsakanin −7 da −5. Wanda ya saba ɗaukar lambar da ke hannun dama zai ɗauki 5, ya yi kuskure. Tazara ake aunawa daga sifili, kuma −7 ce ta fi nisa, don haka rufin 7 ne. Ana iya kauce wa wannan tarkon gaba ɗaya da ƙa'idar da ta ce tazarar jimillar lambobi biyu ba ta wuce jimillar tazararsu ba. Ga kowace lamba a, |x + a| ba ta wuce |x − a| + 2|a| ba, wato ba ta kai 1 + 2|a| ba. Da wannan, δ = min(1, ε/(1 + 2|a|)) ta tabbatar da iyakar x² a kowane wuri a lokaci ɗaya, kuma idan aka sa 3 ko −3 a gurbin a, 7 ce take fitowa.

A lissafi irin na x² kowace lamba aka zaɓa ta killacewa za ta yi, domin abin da ake son rufewa ba ya tserewa a cikin iyakantaccen fili. Da an shiga lissafin rabo kuwa, sabon da aka yi da 1 yana iya kai mutum ga rami. A ɗauki 1/x yayin da x ke kusantar 1. Kaucewar ita ce |x − 1| a raba da |x|, don haka abin da ake son rufewa shi ne 1/|x|. Idan aka ce δ kada ta wuce 1, x tana tsakanin 0 da 2, kuma a nan tana iya zama 0.01, inda 1/x ta zama 100, ko 0.0001, inda ta zama 10,000. Babu rufin da zai tsaya. Dole killacen ya tsaya nesa da sifili: idan aka ce δ kada ta wuce rabi, x tana tsakanin 0.5 da 1.5, 1/|x| ba ta kai 2 ba, sai amsa ta zama δ = min(1/2, ε/2).